Idan sunan sim ya saɓa da na NIN: wasiƙar da ke dawo da layin ɗan kasuwa

A ƙarshen makon 27 da 28 ga Yulin 2024, mutane da dama a Najeriya suka wayi gari layukan wayarsu sun daina aiki. Ranar Litinin 29 ga wata ofisoshin kamfanonin waya a manyan birane suka cika maƙil, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin su sake buɗe layukan da suka rufe, a ba jama'a ƙarin lokaci su daidaita bayanansu. Daga baya aka tsayar da 14 ga Satumba a matsayin wa'adin ƙarshe. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi cincirindo a ranar sun riga sun miƙa lambarsu ta zama ɗan ƙasa, wato NIN, wasu ma tun shekaru uku kafin nan. An rufe musu layi ne saboda abin da ke rubuce a rajistar sim ɗinsu bai zo daidai da abin da ke rumbun Hukumar Katin Ɗan Ƙasa, NIMC, ba. Wannan matsala ba ta tafi da wa'adin ba, har gobe ana samun ƙaramin ɗan kasuwa da layinsa ke rufe a kan saɓanin suna ko ranar haihuwa, kuma yana neman wanda zai rubuta masa wasiƙa zuwa kamfani.

Matsayin wannan rahoto shi ne, wasiƙar da ake rubutawa a irin wannan hali tana cin nasara ne idan ta faɗi takamaiman inda bayanan suka saɓa, ta nuna wane kundi ne ke ɗauke da kuskuren, sannan ta nemi abin da kamfanin ke da ikon yi. Yawancin wasiƙun da ake bugawa a shagunan buga takardu ba haka suke ba. Suna cike da magiya, da labarin iyali da za a ciyar, da rantsuwar cewa mai layin mutumin kirki ne. Duk wannan gaskiya ne, amma ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta ba shi da gurbin da zai shigar da shi. Abin da ke gabansa kundi biyu ne da suka ƙi jituwa, kuma ba zai taɓa layin ba sai an nuna masa yadda za su jitu.

Yadda kundi biyu suka raba hanya

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane dalilin yawan saɓanin. Rajistar sim ta dole ta kankama a 2011, kuma akasarinta wakilai ne suka yi ta a ƙarƙashin laima, a bakin kasuwa da tashar mota, ana biyansu gwargwadon yawan layukan da suka yi wa rajista. Wanda ake biya a kan yawa, sauri yake yi. Ya ji suna ya rubuta yadda kunnensa ya ɗauka, ya tambayi shekaru ya ƙiyasta ranar haihuwa, ya ɗauki hoto a cikin rana ko cikin duhu. Rajistar NIN kuma a wata rana daban aka yi ta, a wani ofishi daban, sau da yawa bayan shekaru, lokacin da mutum ya zo da sunan da ke takardar makarantarsa ko ta banki. Babu wanda ya kwatanta kundin biyu sai a Disambar 2020, lokacin da gwamnati, a zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami, ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da NIN. Ranar 4 ga Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. A Disambar 2023 kuma NCC ta ƙara matsa lamba, ta ce miƙa lambar kaɗai bai isa ba, sai an tantance ta, kuma layin da aka kasa tantancewa za a rufe shi ɗungurungum.

Tantancewar tana nufin kamfani ya aika lambar zuwa NIMC, ya karɓo abin da ke rubuce a kanta, wato suna, ranar haihuwa, jinsi da hoto, ya kwatanta da abin da ke rajistar sim. A nan ne al'adar sunaye ta ƙasar Hausa ta yi karo da na'ura. Mutum ɗaya yana amsa Muhammadu a gida, Mamman a kasuwa, an rubuta masa Mohammed a makaranta, Muhammad a fasfo. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. A gurbin sunan dangi wani ya sa sunan mahaifinsa a wannan kundi, ya sa sunan garinsu a wancan. Mace ta yi rajistar sim tana gidan iyayenta da sunan mahaifi, ta yi NIN bayan aure da sunan miji. Waɗanda aka haifa a gida ba tare da takardar haihuwa ba, an cika musu 1 ga Janairu a wuri ɗaya, wata ranar a wani wurin. Duk wanda ya tashi a cikin wannan al'umma ya san babu yaudara a ciki, amma na'urar da ke kwatanta harafi da harafi ba ta san Garba da Abubakar mutum ɗaya ne ba.

Misali guda, daki-daki

A ɗauki misalin mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau da ke Kano. Ya sayi layinsa a 2012, wakili ya rubuta sunansa na farko Garba, ranar haihuwa 1 ga Janairun 1983. A 2019 ya yi rajistar NIN da sunan yankansa, Abubakar, da ranar da ke takardar firamarensa, a cikin 1985. Asusun bankinsa da lambarsa ta BVN duk suna ɗauke da Abubakar da 1985. Wannan layi shi ne rubuce a allon shagonsa, shi ne a wayar dillalan da ke masa odar wake daga Legas da Ibadan, shi direbobin tirela ke kira idan sun iso bakin kasuwa. Da shi alat na banki ke shigowa, don haka idan mai saye ya ce ya tura kuɗi, ba ya sakin kaya sai ya ga saƙo. Ranar da aka rufe layin, duk waɗannan suka tsaya lokaci guda. Manhajar WhatsApp za ta ci gaba da aiki idan ya samu intanet ta wani layin, wannan ne ma ke sa wasu su yi sakaci. Amma ranar da wayar ta lalace ko aka sace ta, lambar tabbatarwa za ta tafi ne zuwa layin da ke rufe, shi ke nan ya rasa hirarraki da odar abokan cinikinsa.

Kafin wannan mutum ya sa a rubuta masa kalma ɗaya, akwai tambayar da dole ya amsa: wane kundi ne daidai? Zai fara da duba matsayin layin da kuma lambarsa ta NIN, ta waɗannan lambobi biyu:

```
*996#
*346#
```

Ta farko tana nuna matsayin haɗin layi da NIN a dukkan kamfanoni, matuƙar layin yana iya karɓar umarni. Ta biyu tana fito da lambar NIN idan aka danna ta a layin da aka bayar lokacin rajistar NIN, kuma ana cire ɗan kuɗi. Daga nan sai ya je babban ofishin kamfanin da kansa, riƙe da takardarsa ta NIN, ya nemi a gaya masa abin da ke rubuce a rajistar sim ɗin da kuma gurbin da ya saɓa. Wannan tambaya ita ce ginshiƙin komai. Amsar da aka fi bayarwa a gaban kanta ita ce bayanai ba su dace ba, a je NIMC. Bai kamata ya tashi da wannan amsa ba, sai ya ji ko suna ne, ko ranar haihuwa, ko hoto.

A misalinmu, NIN ce daidai, rajistar sim ce ke da kuskure, saboda haka gyaran yana hannun kamfani: a sabunta rajistar layin ta bi abin da ke NIN, a ɗauki sabon hoton fuskarsa ko zanen yatsansa, a sake tura tantancewa. A nan akwai ramin da mutane da yawa ke faɗawa. Jin an ce a je NIMC, sai su tafi su nemi a canza NIN ɗinsu ta koma daidai da sim, wato su ɓata kundi mai kyau don ya dace da maras kyau. Layi zai buɗe, amma NIN ta saɓa da BVN da fasfo da takardun makaranta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gyara a NIMC kuma ba kyauta ba ne. Canza suna yana buƙatar takardar rantsuwar kotu da sanarwa a jarida, gyaran ranar haihuwa yana buƙatar shaidar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma tun watan Mayun 2025 kuɗinsa ya haura naira dubu ashirin da takwas. Wanda zai bi wannan hanya shi ne wanda ya tabbatar kuskuren a NIN yake, kamar a ce an juya masa shekarar haihuwa ko an sa masa jinsin da ba nasa ba. Shi kuwa sai ya gama da NIMC, sabon bayanin ya fito, sannan ya rubuta wa kamfani ya nemi a sake tantancewa.

Abin da wasiƙar za ta ƙunsa

Idan an yi sa'a, ziyarar ofis ɗaya ta wadatar, ba a ma buƙatar wasiƙa. Wasiƙa tana shigowa ne idan an ɗauki sabon hoto an ce a jira kwana biyu, aka yi mako biyu shiru, ko ana ta cewa babu sabis tsakanin kamfani da NIMC, ko kowane ma'aikaci na ba da amsa daban. A lokacin ne ake buƙatar takarda mai kwanan wata wadda za ta shiga fayil. Kada ta wuce shafi ɗaya. An saba rubuta ta da Turanci, amma duk wanda aka rubuta wa, ya sa a karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu, ya kuma duba sunansa harafi bayan harafi da takardar NIN a gefe, domin wasiƙar gyaran suna da ta zo da rubutun suna na uku ta ƙara dagula lissafi. Ga yadda ta mai hatsin za ta kasance, bayan adireshinsa da kwanan wata da adireshin manajan sashen kula da abokan hulɗa:

"Yallaɓai, neman buɗe layi mai lamba kaza da aka rufe saboda saɓanin bayanai. Ni ne mai wannan layi, ina amfani da shi tun 2012, kuma da shi nake gudanar da sana'ar hatsi a shago mai lamba kaza a kasuwar Dawanau. An rufe shi ranar kaza. Ranar kaza na zo ofishinku na unguwa kaza, aka shaida mini cewa rajistar layin tana ɗauke da suna Garba da ranar haihuwa 1 ga Janairun 1983, alhali NIN ɗina tana ɗauke da Abubakar da rana kaza a 1985. Bayanin da ke NIN shi ne daidai, kuma shi ne a BVN ɗina. Garba sunan da ake kirana da shi ne, na haɗo takardar rantsuwar kotu da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. A ranar an ɗauki sabon hotona, aka ba ni lambar ƙorafi kaza, amma har yau layin yana rufe.

"Ina neman abu huɗu. A gyara rajistar layin ta dace da NIN ɗina. A sake tantancewa a buɗe layin. A riƙe lambar, kada a kashe ta ko a ba wani muddin wannan ƙorafi bai rufe ba. Idan kuma akwai dalilin da ya hana buɗewa, a sanar da ni a rubuce, tare da gurbin da har yanzu ya saɓa. A shirye nake in sake zuwa da kaina a duk ranar da kuka sa. Ina fatan samun amsa cikin kwanakin aiki bakwai ta wannan lamba ta biyu, kafin in miƙa batun ga NCC. Na gode."

Kowace jimla a ciki tana da aikinta. Ambaton shekarar da aka fara amfani da layin da ranakun ziyara yana ba ma'aikaci abin da zai bincika a kundinsu ya gaskata. Ambaton sana'a a layi ɗaya ya isa ya nuna ana asara kullum, ba sai an zayyana ba. Jimlar da ta ce bayanin NIN shi ne daidai ita ce ke hana a sake tura shi NIMC. Lambar ƙorafi kuwa ita ce mabuɗin mataki na gaba, domin tsarin NCC shi ne mai ƙorafi ya fara kai kukansa ga kamfaninsa, ta ofis ko ta kiran 300, ya karɓi lamba, idan bai gamsu ba sannan ya kira layin hukumar na kyauta, 622, inda za a tambaye shi wannan lamba. Wanda ya yi sintiri sau biyar a ofis ba tare da ita ba, a idon hukuma tamkar bai taɓa zuwa ba ne. Don haka a buga wasiƙar kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa a buga hatimi da kwanan wata a ɗayar a dawo da ita gida. A haɗa kwafin takardar NIN, takardar rantsuwa, katin da sim ɗin ya zo a jikinsa idan yana nan, da takardar rajistar sana'a ta CAC ga wanda ke da ita. Lambar sirrin banki ko lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙo ba ta da gurbi a wannan wasiƙa, kuma kwafin NIN a hannun ma'aikacin ofis ake ba da shi, ba a hannun mai tare mutane a bakin ƙofa yana cewa zai buɗe layi a minti biyar ba.

Buƙata ta uku, ta riƙe lambar, ita ce mutane suka fi mantawa, alhali ita ce mafi tsada. A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wata hulɗar kuɗi da shi ba ana iya kashe shi, idan ya ƙara wata shida a haka ana iya sayar da lambar ga wani. Layin da ke rufe ba ya kira, ba ya sayen data, saboda haka kwanakinsa na iya tafiya yayin da mai shi ke jiran gyara. Ɗan kasuwar da ya gaji ya sayi sabon sim ya ce zai koma kan tsohon idan ya samu sarari, yana iya wayar gari lambar da ke allon shagonsa tana hannun baƙo, alat ɗin bankinsa yana shiga wayar wani, abokan cinikinsa na kiran mutumin da zai iya ba su wata lambar asusu ya ce a tura kuɗi. Saboda wannan, a makon da aka rufe layin ya kamata ya je bankinsa ya sauya lambar karɓar saƙo zuwa wani layin da ke kan sunansa, ko da yana da yaƙinin za a buɗe.

Abin da masu suka za su ce

Suka ta farko ita ce ta tsaro, kuma tana da nauyi, musamman a arewa inda masu garkuwa da mutane ke cinikin kuɗin fansa ta waya. Za a ce idan wasiƙa na iya buɗe layi, ai ɓarawo ma ya iya rubuta wasiƙa, kuma satar lambar mutum don kwashe asusunsa sananniyar damfara ce. Amsar tana cikin wasiƙar kanta. Ba ta nemi a buɗe layi a kan maganar baki ba, ta nemi a sake tantancewa, mai ita kuma ya miƙa fuskarsa da yatsansa a kwatanta da abin da ke NIMC. Manufar dokar ita ce kowane layi ya kasance yana da mutum sananne a bayansa. Mutumin da ya zo da ƙafarsa, da adireshin shagonsa, da rantsuwar kotu, shi ne ainihin abin da dokar ke nema. Barin layinsa a rufe ba ya ƙara wa kowa tsaro. Abin da yake haifarwa shi ne mutumin ya ari layin ƙaninsa ko ya sayi sim da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, wato ya koma cikin duhun da aka kafa dokar don a fitar da mutane daga cikinsa.

Suka ta biyu daga ɓangaren kamfanoni take: hannunmu a ɗaure yake, umarnin hukuma ne, rumbun kuma na NIMC ne. Akwai gaskiya a nan, kuma tsoronsu yana da tushe. A Oktoban 2015 NCC ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda rashin rufe layuka sama da miliyan biyar da rajistarsu ba ta cika ba, a kan naira dubu ɗari biyu kowane layi, kafin a sasanta a kan naira biliyan 330 a 2016. Kamfanin da ya ga haka zai gwammace ya rufe layin mai gaskiya da ya bar na shakka a buɗe. Shi ya sa wasiƙar da ke cewa a taimaka a buɗe kafin a gama gyara take faɗuwa, tana neman abin da babu ma'aikacin da zai sa hannu a kai. Amma rajistar sim kundin kamfani ne, wakilansa suka cika shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya tabbatar da ingancinsu, ta kuma ba mai bayanin haƙƙin neman a gyara kuskure. Mai hatsin da ya ce a gyara Garba ya koma Abubakar yana neman haƙƙin da doka ta ba shi ne, kuma aikin yana cikin ikon kamfanin gaba ɗaya.

Suka ta uku ita ce wasiƙa ɓata lokaci ce, tunda dole sai an je ofis, kuma wanda ya san wani a ciki ya fi mai takarda saurin biyan buƙata. Gaskiya ne takarda ba ta ɗaukar hoto, ba ta maye gurbin zuwa. Amfaninta yana bayyana ne ranar da zuwa ya gaza. Ita ce ke mayar da magana daga kan ma'aikaci ɗaya da zai iya mantawa ko a sauya masa wurin aiki, zuwa kan kamfani a matsayinsa na hukuma mai alhaki. Ita ce shaidar da za a nuna wa NCC, kuma idan an kashe lambar duk da ƙorafi, ita ce hujjar cewa mai ita bai yi watsi da ita ba. Hanyar sanayya kuwa, wanda ke da ita kaɗai take yi wa aiki, kuma sau da yawa tana ƙarewa ne da biyan kuɗi a kan abin da bai kamata a biya ba.

Akwai kuma inda wannan wasiƙa ba ta da ƙarfi, kuma ɓoye hakan cutar da mai karatu ne. Ƙananan sana'o'i da yawa suna tafiya ne a kan layin da ba sunan mai sana'ar ke kai ba: yaron shago ne aka aika ya sayo ya yi rajista da sunansa ya kuma bar aiki, ko layin mahaifi ne da ya rasu 'ya'ya suka gaji shagon, ko sim ne da aka saya a shirye. Wannan ya wuce saɓanin rubutu, batun mallaka ne. Wanda ya rubuta cewa shi ne mai layin alhali hoton wani ke rajista, ya jefa kansa cikin zargi. Abin da zai nema shi ne sauya mallaka, wanda ke buƙatar zuwan mai rajistar na asali da yardarsa, ko takardar shaidar rasuwa da takardun gado idan ya rasu. Idan ba a san inda yake ba, mai yiwuwa lambar ta tafi, kuma gara a fara sanar da abokan ciniki sabuwa tun da wuri. Sana'ar da ta yi rajista da CAC tana da mafita mai ɗorewa, domin tsarin da gwamnati ta sabunta a 2021 ya ba da damar a yi wa layi rajista da sunan kamfani, a miƙa takardar rajista da lambar haraji, a naɗa babban jami'i guda da zai ba da NIN ɗinsa a madadin kamfanin. Ta haka tafiyar ma'aikaci ba ta tafiya da lambar.

Nauyin da ke kan kamfanoni da hukuma

Duk abin da aka faɗa ya ɗora wa ɗan kasuwa aiki, amma bai kamata a manta cewa ba shi ya haifar da matsalar ba. Ya ba da sunansa na gaskiya sau biyu, ga wakilai biyu da hukuma ta amince da su, aka rubuta daban. Abu uku ne za su rage buƙatar irin wannan wasiƙa, kuma babu wanda ya fi ƙarfin kamfanonin. Na farko, saƙon gargaɗi kafin rufewa ya faɗi gurbin da ya saɓa, suna ne ko ranar haihuwa ko hoto, ya kuma faɗi ofishin da gyaran yake, da harshen da mai layin ke ji. Na biyu, duk lambar da ke da buɗaɗɗen ƙorafi a dakatar da lissafin watanninta, kada a sayar da ita. Na uku, idan fuska ko yatsa sun dace da abin da ke NIMC, bambancin Mohammed da Muhammad ko Garba da Abubakar ya zama abin da ake gyarawa nan take a gaban kanta, kuma a karɓi ƙorafin da aka rubuta da Hausa a ofisoshin Kano, Sakkwato, Katsina da makamantansu.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun mai ƙaramar sana'a shi ne ya duba layinsa tun yana aiki, ya kwatanta sunan da ke sim da na NIN da na banki, ya gyara wanda ya karkace. Idan kuma an riga an rufe, ya gano kundin da ke da kuskure, ya je da kansa, ya karɓi lambar ƙorafi, ya rubuta shafi ɗaya da ke faɗin abin da ya saɓa da abin da yake nema, ya riƙe kwafi mai hatimi, sannan ya kira 622 idan kwanakin da ya ɗiba suka cika ba amsa. Kamfanin da ya karɓi irin wannan takarda ba shi da sauran uzurin cewa bai san matsalar ba, kuma NCC tana da abin da za ta tuhume shi da shi idan ya yi shiru.